Fulogi, Hita ko Injekta: Yadda Ake Gane Abin da Aka Kwance Daga Inji

A saman injin mota akwai sassa uku da mutane kan rikita su, domin duk dogaye ne kuma duk kusa da silinda ake ɗaura su: fulogi, fulogin hita, da injekta wanda kanikawa ke kira nozul. Ayyukansu sun bambanta. Fulogi yana ƙyasta wuta, hita yana ɗumama iska, injekta kuwa yana fesa mai. Aikin kowanne a rubuce yake a bakinsa, wato ƙarshen da ke shiga cikin inji.

Tambaya ta farko ita ce irin man da injin ke sha. Injin fetur na buƙatar tartsatsi kafin mai ya kama, saboda haka yana da fulogi, ba shi da hita. Injin dizal kuwa yana matse iska ne har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, don haka ba shi da fulogi, amma galibin ƙananan motocin dizal suna da hita. Injekta yana nan a kowane injin dizal, da kuma injin fetur da ba ya amfani da kafireta.

Fulogi ya fi sauƙin ganewa. Rabinsa na sama farin tangaran ne, domin wutar da kwayil ke turo masa takan wuce bolt 20,000, dole a killace ta. A bakinsa akwai ɗan ƙarfe a tsakiya da wani lanƙwasasshe kamar ƙugiya, da 'yar tazara tsakaninsu wadda yawanci takan kai milimita 0.7 zuwa 1.1. A wannan tazarar tartsatsin ke tsallakawa.

Hita siriri ne kamar fensir, babu farin tangaran a samansa. Bakinsa sanda ce mai santsi a rufe ruf, ba tazara, ba huda. Waya ce a naɗe a ciki, wadda ke yin ja jawur cikin daƙiƙoƙi kaɗan, zafinta ya haura digiri 800. A samansa akwai wurin haɗa waya guda ɗaya tak, kuma babu hanyar da mai zai bi ta cikinsa.

Injekta shi kaɗai ne ke da mashigar mai. Na fetur gajere ne, jikinsa yawanci roba, da soket mai ƙafa biyu a gefe da zoben roba sama da ƙasa. Ba a murɗa shi, cusa shi ake yi. Na dizal ƙarfe ne mai nauyi, da wurin ɗaura bututun ƙarfe, da ƙaramar hanyar mayar da rarar mai, da washar jan ƙarfe a gindinsa. A bakinsa akwai huda ɗaya ko 'yan hudoji ƙanana da ido ke gani da ƙyar. Wasu injektocin fetur na zamani masu fesawa kai tsaye cikin silinda suna da dogon baki siriri kamar hita, amma hudojin da mashigar mai ne ke tona su.

Ga misali da motar Toyota Hilux mai injin dizal 5L, mai silinda huɗu. Da sanyin asuba a lokacin hunturu tana wuyar tashi, in ta tashi sai ta yi ta karkarwa da farin hayaƙi, bayan minti biyu ta daidaita. Aka kwance wani siririn ƙarfe daga kan injin, ɗaya daga cikin huɗu da falle ɗaya na ƙarfe ya haɗa kawunansu. Ba tangaran, ba mashigar mai, bakinsa a rufe: hita ne. Sai a ɗora mitar awon wuta tsakanin kansa da jikinsa. Lafiyayyen hita yakan nuna wajen om 1. Idan mitar ba ta motsa ba, wayar ciki ta tsinke. Alamar cutar ma ta dace, domin matsalar hita tana gushewa da zarar inji ya ɗumama, alhali injekta mai yoyo kan ci gaba da kawo hayaƙi da ƙwanƙwasa ko da inji ya yi zafi.

Akwai hattara biyu. Hitocin sababbin motoci da yawa an yi su ne don wutar da ba ta kai bolt 12 ba, kuma jona su kai tsaye da batir yana ƙona su. Sannan ba a kai hannu gaban injektan dizal yana fesawa, domin ƙarfin man kan huda fata.

Kafin a sayi sabo, a duba lambar da ke jikin tsohon a nemi daidai da ita, domin fulogi ko hita da ya fi na asali tsawo na iya taɓo fistin ya lalata inji.