Ɗa ɗaya tak da ya kayar da tsoho a wasan ayo

A Ogbomosho na ga abin, wata la'asar, a ƙofar gidan wani dattijo Bayarabe da ke maƙwabtaka da masaukina kusa da Sabo. Tsohon ya shahara a unguwar da wasan ayo, kuma jikarsa, 'yar kimanin shekara 12, ta fi shekara tana shan kashi a hannunsa. Bai taɓa sassauta mata ba. In ya cinye ta sai ya ce ta je ta ƙara cin amala ta dawo. Ashe wasan jika da kaka ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba.

Wanda ya saba da dara kada ya ɗauka ɗanjuma ne da ɗanjummai. Dara jera 'ya'ya uku ake yi, ayo kuwa rabo ne da ƙidaya. Allo ne na katako mai gurbi 12, shida naka shida na abokin wasa, kowane gurbi da 'ya'ya 4, jimilla 48. 'Ya'yan na wata ƙaya ce, masu ruwan toka da santsi kamar duwatsun rafi. In wasa ya zo kanka sai ka kwashe gurbi guda daga ɓangarenka, ka riƙa jefa ɗaya-ɗaya kana bin hannun dama, ka ƙetara gidan abokinka. In ɗan ƙarshe ya sauka a gurbinsa ya cika 2 ko 3, ka ci. Gurbin da ke bayansa ma, in 2 ne ko 3, naka ne, haka za ka yi ta kwasa da baya har ka ci karo da wanda bai cika sharaɗin ba. Wanda ya tara 25 ya gama. Akwai garuruwan da ke yin wani salo daban, amma wannan shi na gani, kuma shi ne 'yan Gana ke kira oware.

Babban makamin wasan shi ne odu, wato gurbin da aka tara wa 'ya'ya 12 ko fiye. In an kwashe shi yakan zagaye allon duka, ya tsallake gurbin da ya fito, ya shiga zagaye na biyu. Saboda haka gurbin abokin wasa da ke wayam sai ya zama 2, mai 1 ya zama 3, duk abin ci. Mai 2 kuwa ya zama 4, ya zama katanga.

Ga yadda allon yake a ranar. Za mu ƙirga gurabun kowa daga hagunsa zuwa damansa. Yarinya ta ci 15, tsoho 13. Tana da ɗa 1 a gurbinta na farko, 1 a na biyar, da odu mai 15 a na shida. Tsoho yana da 2 a gurbinsa na huɗu, 1 a na shida, sauran babu kome. Wasa na kanta.

A ido ita ke gaba, amma dattawan da ke kallo sun riga sun fara murmushi. Odu mai 15 daga gurbi na shida a gurbin tsoho na huɗu yake ƙarewa, daidai inda ya ajiye 'ya'ya biyun nan. Da ta saki, gurbin ya zama 4, ba ta ci ko ɗaya ba, ta watsa dukiyarta, shi kuma ya ɗauke 5 a gidanta nan take. Wannan tarkon na yara ne, ta daɗe da wuce shi.

Na biyun shi ne mugun. Hankali zai ce ta tura ɗan gurbi na biyar cikin odu ya zama 16, don ya wuce katangar. Wani magidanci a gefe har ya fara nuna mata da haɓa. To da ta yi haka, tsoho zai jefa ɗansa na gurbi na shida cikin gurbinta na farko, ya cika 2, ya cinye. Asarar biyun ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce ba ta da sauran abin taɓawa sai odu, kuma a ayo ba a cewa na haƙura da wannan zagayen. Dole ta saki odu alhali katanga na tsaye, ta ci 2 kacal a gurbinsa na biyar, ta bar 'ya'yanta warwatse ɗaya-ɗaya a bakin kura.

Ta daɗe shiru. Tana ƙirge da leɓe, ba ta taɓa allo ba.

"Ko kin yi barci ne?" in ji tsohon.

"Ina zuwa, Baba."

Sai ta miƙa hannu can hagu, ta ɗauki ɗan nan tilo na gurbin farko, ta ajiye shi a na biyu. Shi ke nan. Ba ci, ba ƙara. Ni kaina na ɗauka tsoro ne ya sa ta gudu da ɗanta, sai da na ga tsohon ya gyara zama ya daina taunar goronsa.

Abin da ta hango shi ne tsoho ma 'ya'yansa sun ƙare. Wasa biyu gare shi. Ya jefa na gurbi na shida, ya faɗa gurbin da ta bari wayam, bai ci kome ba. Sai a lokacin ta tura na biyar cikin odu, ya zama 16. Yanzu dole ta koma kansa: gurbi ɗaya ya rage masa, katangar nan, kuma da hannunsa ya rushe ta, ɗaya a na biyar, ɗaya a na shida. Ta kwashe odu tafi biyu, ta zagaya. Gurabunsa huɗu na farko suka zama bibbiyu, na biyar ya zama 3. Ta kwashe 11, ta tashi da 26. Gurbinsa na shida ya tsira da 2, don haka ba wanda zai ce ta share masa gida kaf, abin da 'yan ayo ke jayayya a kansa.

Daga baya na zauna da tsakuwa na gwada ko tsohon ya yi sake ne. Bai yi ba. Da ya fara rushe katangar tun farko, za ta ƙara odu ya kai 16, sannan ko ya tura na biyar cikin na shida ta ci 10 ta cika 25, ko ya saki na shida ya ci 2 ita ta ci 11. Tun da ɗan nan ya matsa gurbi ɗaya wasa ya ƙare. A ganina nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo: ɗan koyo yana ƙirga 'ya'yan odu, gwani yana ƙirga wasa nawa ya rage wa kowa kafin dole ta kama shi.

Yarabawa na kiran wanda ya yi nasara ota, kuma mai wucewa yakan gaishe da 'yan wasa, ota ne ke amsawa. Da wani ya zo wucewa ya yi gaisuwar, tsohon ya yi gum, ya nuna ta da baki. Ta amsa a ɗan durƙushe, murya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ya ce rana ce ta hasko masa ido, a sake zubi.

Mai karatu, in kana da kiret ɗin ƙwai da tsakuwa 20, jera allon yadda na faɗa, ka zauna a mazaunin tsohon ka nema masa mafita. Ni dai na nema har magariba ban samu ba.