Taswirar Akwatuna: Rabon Kasafin Kuɗi a Fuskar Shafi Guda

Taswirar akwatuna hanya ce ta nuna yadda aka raba dunƙulallen kuɗi. Ana zana babban akwati ɗaya a matsayin kasafin gaba ɗaya, sai a yanka shi gida-gida, kamar rabon gonar gado, kowace ma'aikata ta sami fili daidai kasonta. A cikin filin ma'aikata kuma a sake yankawa ga hukumomi da ayyukan da ke ƙarƙashinta. Ben Shneiderman na Jami'ar Maryland a Amurka ne ya ƙirƙiro ta a wajajen 1990, domin ya gano fayilolin da suka cinye ma'ajiyar kwamfuta. Yau tana cikin manhajar Excel, tun daga fitowar 2016, da sunan Treemap.

Amfaninta shi ne ba ta ɓarnar fili, kuma kallo ɗaya ya isa mutum ya ga wanda ya kwashi kaso mafi tsoka. Matsalar tana wajen ƙananan ayyuka, kuma kasafin gwamnati cike yake da su.

A ɗauka, don misali, wata jiha ta yi kasafin naira biliyan 500, aka zana shi a shafin mujalla mai faɗin santimita 20 da tsawon 25. Murabba'in santimita 500 ke nan, wato kowace biliyan ɗaya ta sami murabba'in santimita ɗaya. Idan ilimi ya sami biliyan 125, akwatinsa zai kai kusan santimita 11 ta kowane gefe, ya ɗauki suna da adadi ba tare da matsi ba. Amma aikin gyaran asibitin ƙauye na miliyan 50 zai sami ɗan gurbin da bai wuce milimita 2 da 'yan kai ba ta kowane gefe. Ko harafi biyu ba za su shiga ba.

Daga nan ake gane iyakar taswirar. Suna kamar Ma'aikatar Albarkatun Ruwa, tare da adadin kuɗinta a ƙasa, yana buƙatar wajen santimita 4 a kwance da 1 a tsaye kafin a iya karanta shi. A wannan shafi, filin nan daidai yake da biliyan 4, ƙasa kaɗan da kashi 1 cikin 100 na kasafin. Duk abin da bai kai haka ba zai zauna ba suna. A fuskar wayar hannu kuwa, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na shafin ba, sai mai biliyan 20 zuwa sama ne zai sami suna. Taswirar da ta yi kyau a kwamfutar mai zane kan zama tarkace a hannun mai karatu, kuma da yawan masu zane ba sa dubawa.

Layukan da ke raba akwatunan ma suna cin nasu. Layi mai kaurin rabin milimita bai rage wa akwatin ilimi ko kashi 1 cikin 100 ba, amma yana cinye kusan kashi 40 cikin 100 na gurbin asibitin nan. Sai ƙarami ya ƙara ƙanƙancewa a ido fiye da yadda yake a takarda.

Akwai kuma raunin idon ɗan Adam. Binciken William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna cewa mutane sun fi iya kwatanta tsayi da matsayi a kan layi ɗaya fiye da girman fili. Akwati mai 4 da 6 da wani mai 3 da 8 girmansu ɗaya, amma ba kowa zai yarda ba sai ya lissafa. Tsarin yanka na farko yakan fitar da siraran akwatuna dogaye. Daga baya Jarke van Wijk da abokan aikinsa a Eindhoven ta ƙasar Holan suka fito da tsarin da ke sa akwatunan su kusanci murabba'i. Ya gyara siffa, sai dai da zarar alƙaluma sun ɗan canza, akwatunan kan sauya wuri, don haka kwatanta kasafin bana da na bara ta wannan hanya wahala ce.

Alamar cewa taswira ta daina karantuwa a fili take: wata kusurwa ta cika da ƙananan gidaje marasa suna, sunaye sun yanke a tsakiya, ko mai karatu ya kasa faɗin wanne ya fi girma tsakanin akwatuna biyu da ba sa maƙwabtaka. Magani shi ne a tattara duk abin da bai kai girman ɗaukar suna ba a akwati ɗaya mai suna “Sauran ayyuka”, a rubuta jimlarsu da yawansu, sannan a jera su a teburi daban. Rubuta jimlar wajibi ne, domin ayyuka 600 na miliyan 50 sun kai biliyan 30, kuɗin da ya fi na ma'aikatu da dama. A kwamfuta ana iya nuna ma'aikatu kawai, mai karatu ya danna ɗaya ta buɗe abin da ke cikinta. Idan kuwa tambayar ita ce wa ya fi wa, kuma da nawa, zanen sanduna da aka jera daga babba zuwa ƙarami ya fi taswirar akwatuna ba da amsa.