Tarihin Kiɗan Rok A Jawabin Minti Goma: Daga Kulob ɗin Chicago Zuwa Filin Wembley

Idan ƙungiyar kiɗa ta makaranta za ta yi daren buɗewa, akan zaɓi ɗalibi ɗaya ya yi jawabi kafin makaɗa su hau dandamali. A ce an ba shi minti goma ya ba da tarihin kiɗan rok. Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su jero sunayen mawaƙa talatin da shekarunsu kamar mai kiran rajista, kafin minti uku jama'a sun koma kan wayoyinsu. Mafita ita ce ya riƙe tambaya guda: duk lokacin da wurin wasa ya ƙara girma, yaya makaɗi ya yi har na baya ya ji shi? Wannan tambayar za ta kai shi zango huɗu, kowanne da wurinsa da shekararsa.

Zango na farko Chicago ne. A 1943 wani manomin auduga daga jihar Mississippi, wanda duniya ta sani da Muddy Waters, ya bi sahun dubban baƙaƙen fatar Amurka da suka bar gonakin kudu zuwa biranen arewa neman aiki. Ya zo da kiɗan buluz, kiɗan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, wanda a gida ake yin sa da jitar katako a bakin ƙofa. Amma ƙananan kulob-kulob na kudancin Chicago cike suke da hayaniya, ga hira, ga rawa, ga ƙarar kwalabe. Jitar katako ba ta iya ratsa wannan surutu, sai ya koma ga jita mai lantarki da ƙaramar amfilifaya. Da ƙarar jita ta ƙaru, dole aka haɗa ta da ganguna da sauran kayan da za su iya tsayawa kusa da ita. Tsarin ƙungiyar rok da ake gani yau ya samo asali ne daga irin waɗannan ɗakuna. A nan mai jawabi zai iya sa ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya kaɗa jita ba tare da jona waya ba, sannan ya jona ya sake kaɗawa. Kunne zai fahimci abin da baki zai daɗe yana bayani.

Zango na biyu shi ne lokacin da kiɗan ya fita daga unguwa ya shiga faifai da rediyo. A 1951, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memphis, ƙungiyar Ike Turner ta ɗauki waƙar "Rocket 88". Amfilifayar mai jita ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka yi aiki da ita a haka, sautin ya fito da kaushi kamar mai dishewar murya. Wannan kaushin da ya fara a matsayin lahani shi ne daga baya makaɗan rok suka riƙa nema da gangan. A 1954 Elvis Presley ya ɗauki "That's All Right" a wurin Phillips ɗin, waƙar da asalinta ta mawaƙin buluz Arthur Crudup ce. A 1955 kuma Chuck Berry ya fitar da "Maybellene" a kamfanin Chess na Chicago, kuma Muddy Waters ne ya tura shi can. Jawabin da ya fara daga Elvis ya tsallake masu tushen abin, ya yi tuya ya manta da albasa.

Zango na uku ya fi kowanne daɗin labari, don haka nan ya kamata a fi daɗewa. Faya-fayen Amurka sun tsallaka teku sun faɗa hannun samarin Ingila. Ƙungiyar Rolling Stones, wadda aka kafa a 1962, daga wata waƙar Muddy Waters ta ɗauko sunanta. Su kuwa Beatles sun yi wasa kusan sau 300 a Cavern Club, wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Liverpool, tsakanin 1961 da 1963. Shekara biyu bayan haka, ranar 15 ga Agusta 1965, suka tsaya a filin Shea da ke New York gaban mutum 55,600. Kayan da suka zo da su amfilifayoyin Vox ne masu ƙarfin wat 100, waɗanda sun isa babban zaure amma ba su isa filin wasa ba. Ihun matasa ya binne kiɗan. Makaɗan kansu ba sa jin juna, har mai ganga Ringo Starr sai da ya riƙa kallon motsin jikin abokansa don ya gane inda aka kai a waƙa. Sun yi waƙa 12 cikin kusan rabin sa'a. Shekara guda bayan nan, a Agusta 1966, suka daina yawon wasa gaba ɗaya.

A nan ne mai jawabi zai faɗi dalilin, cikin jimla biyu ko uku. A fili mara bango, duk lokacin da nisanka da lasifika ya ninka, ƙarfin sautin da ke isa gare ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, saboda haka wanda ke mita 100 daga dandamali yana jin dukan ganga kusan sulusin daƙiƙa bayan ya ga an daka. Duk wanda ya taɓa hango mai faskare daga nesa ya san wannan jinkiri.

Zango na huɗu shi ne yadda aka magance matsalar. An ƙera manyan lasifikoki da ake jibgewa ko a rataye sama. An ajiye wasu ƙanana a gaban makaɗa suna fuskantarsu don su ji kansu. An kafa hasumiyoyin lasifika a tsakiyar fili, ana jinkirta sautinsu kaɗan don ya iso tare da wanda ya taso daga dandamali. A 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta yi yawo da bangon lasifika kusan 600. Zuwa ranar 13 ga Yuli 1985, a wasan Live Aid da aka shirya don tallafa wa waɗanda yunwa ta shafa a Habasha, ƙungiyar Queen ta yi minti ashirin da 'yan kai a filin Wembley gaban mutum kusan 72,000, suna tafi tare kamar hannu ɗaya. Salon waƙa ma ya canza: amshi ya zama gajere mai sauƙin kamawa, don na can ƙarshe ya samu abin rerawa. A ƙaramin kulob ana iya ganin yatsun mai jita, a filin ƙwallo kuwa sai an duba allo.

Wajen rabon lokaci, minti biyu-biyu sun ishi zango na ɗaya da na biyu da na huɗu, uku ga filin Shea, ɗaya ga rufewa. Kowane zango a saka ɗanɗanon waƙa na daƙiƙa ashirin, kada a wuce haka, kuma a gwada lasifikar zauren tun kafin baƙi su iso. Abin kunya ne mai bayani kan sauti ya tsaya makirfo na yi masa kuwwa.

Wajen rufewa, a dawo da jama'a gida. Jitar lantarki ta zagayo har yankin Agadez na Nijar, inda Bombino da Mdou Moctar suka fara da wasa a gidajen biki kafin su kai manyan dandamalin Turai da Amurka. Mai jawabi ya nuna zauren da ake zaune a ciki, ya ce girmansa bai bambanta sosai da ɗakunan da Muddy Waters ya fara ba, sannan ya sauka ya ba makaɗa wuri.