Yadda Na Kusa Rasa Muryar Kakata

A hutun 2023 na tashi daga Landan zuwa Nima, a Accra, da niyyar naɗar tarihin gidanmu daga bakin kakata, wadda ta haura tamanin. Na ajiye waya a kan tebur, muka yi hira ta awa biyu. Da dare na kunna, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Fanka na ji, da firji, da hon ɗin motoci, ita kuwa kamar daga cikin rijiya take magana. Sunayen kakanninmu ko ɗaya bai fito ba.

Laifin na tazara ne. Wayar tana nesa da bakinta da kamar mita ɗaya. Duk lokacin da ka rage rabin tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, murya tana ƙaruwa da kusan desibel 6, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Daga mita ɗaya zuwa santimita 25 ka samu kusan desibel 12 kenan, ba ka kashe ko kwabo ba.

Washegari na sayo ƙaramin makirufo mai araha, irin wanda ake maƙalawa a riga. Na maƙala mata a ƙirji, kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa. Na sa iyafis, muka gwada minti ɗaya, sai na ji wani ƙas-ƙas. Ashe mayafinta ne ke gogar makirufon.

"Kaka, don Allah a ɗan janye mayafin gefe."

"Kai ɗan nan, ka cika fitina," in ji ta, amma ta janye.

Saura ɗaki. Na tafa hannu sau ɗaya, sai na ji sautin ya dawo, don bango da ƙasa duk siminti ne. Muka koma uwar ɗaka, nesa da titi. Na jingina katifa a bangon da ke bayanta, na shimfiɗa darduma biyu, na rataya bargo a taga. Na sake tafawa, shiru. Amma ku sani, katifa amsa-kuwwa take sha, ba ta tare ƙarar mota. Maganin wannan sai rufe ƙofa da taga da zaɓen lokaci, shi ya sa muka zauna bayan sallar asuba, kafin unguwa ta tashi.

Na kashe fanka da firji. Har yanzu akwai wani zuuu a ƙasa-ƙasa. Ina zare caja ya ɓace.

Kada ka ce kwamfuta za ta gyara daga baya. Na gwada wanke naɗin farko da Audacity, hayaniya ta ragu, muryar kuma ta koma kamar ta mai magana a cikin ruwa.

Naɗi na biyu minti arba'in ne. Sunaye bakwai ta lissafa, kowanne ya fito tas, har da dariyarta.