Jadawalin Makin Intabiyu: Yadda Kwamiti Zai Auna Masu Neman Aiki da Mudu Ɗaya

A wurare da yawa, intabiyun ɗaukar aiki hira ce kawai. Mai nema ya shigo, kowa ya jefa masa tambayar da ta zo bakinsa, da ya fita sai babban da ke wurin ya ce, "Yaron nan ya kwanta mini a rai," saura su gyaɗa kai. Masana sun daɗe suna nuna raunin wannan hanya. Nazarin da Paul Sackett na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ya sa intabiyu mai tsari, wato tambayoyi iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya ga kowa, a sahun gaba cikin hanyoyin gane wanda zai iya aiki. Ginshiƙin wannan tsari kuwa shi ne jadawalin maki.

A ɗauka wata makarantar sakandare tana neman malamin lissafi. Tun kafin a buɗe takardar kowa, kwamiti zai zauna ya amince da abubuwan da zai auna, ya raba musu nauyi cikin ɗari: sanin darasi 40, iya koyarwa a gaban allo 30, riƙe aji 20, shekarun aiki 10. A kowane ma'auni ana ba da maki daga 1 zuwa 5, sannan a ninka makin da nauyinsa.

Mai nema na farko, wanda ya daɗe yana koyarwa, ya samu 4, 3, 3, 5. Ta biyu, sabuwar malama, ta samu 4, 4, 4, 2. In aka tara haka nan, shi yana da 15, ita 14. Amma da an sa nauyi sai lissafi ya juya. Nasa 160 da 90 da 60 da 50, jimla 360. Nata 160 da 120 da 80 da 20, jimla 380. A raba da 5, ya tashi da 72 cikin ɗari, ita da 76. Ta wuce shi ne a inda makarantar da kanta ta ce ya fi muhimmanci. Shi ya sa ba a taɓa nauyi bayan an fara ganin mutane, domin wanda ya ɗaga shekarun aiki zuwa 40 a lokacin, ya riga ya zaɓi wanda yake so.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ma'anar makin kansa. Abin da wani zai ba 3, wani 4 zai ba shi, don haka dole a rubuta abin da kowane maki yake nufi. A iya koyarwa, misali, 1 na wanda ya kwafe aiki a allo ba bayani, 3 na wanda ya yi bayani daki-daki, 5 kuwa na wanda ya yi tambaya, ya gano inda ɗalibi ya ɓace, ya sake bi da shi ta wata hanya. Kowane ɗan kwamiti ya cike takardarsa shi kaɗai, da ɗan bayanin abin da ya gani, kafin wani ya buɗe baki. A al'adarmu ba kasafai ƙarami ke musa wa babba a bainar jama'a ba, don haka in shugaba ya fara magana, makin mutum ɗaya za a samu a takarda uku.

Sai kwatanta takardun. Akwai ɗan kwamiti mai rowar maki, wanda kowa ya zo sai ya rage masa. Ana gane shi ta duba matsakaicin makin da ya ba dukkan masu nema. Rowarsa ba ta cika cutar da kowa ba muddin ya ga kowa. Cutar tana zuwa ne in ya zauna da safe ya tafi bayan azahar, domin na safe sun sha hannunsa, na yamma sun tsira. Saboda haka waɗanda suka fara zama su ne za su ƙare shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai tafiya daidai da saura, sai a kan mutum ɗaya ko biyu. A ce malamar ta samu 76, 74, 58, shi kuma malamin 72, 70, 88. Matsakaicinta ya faɗi zuwa 69, nasa ya hau kusan 77. Mutum biyu sun fifita ta, na uku shi kaɗai ya kifar da hukuncin. Ba lallai son kai ba ne, wataƙila ya ga abin da ya kuɓuce musu. Maganin shi ne a yi ƙa'ida tun farko: duk ma'aunin da tazarar 'yan kwamiti ta kai maki 2, a tsaya a ce, "Malam, me ka gani?" Ya karanto abin da ya rubuta. In hujja ce daga amsar mai nema, saura su sake duba nasu. In kuwa "na san gidansu" ne, makin ba ya shiga lissafi, kuma da ma tun kafin zama ya kamata ya faɗi alaƙar, ya ba wani kujerarsa. Duk makin da aka gyara a rubuta dalili a gefensa, a sa hannu, a adana takardun a fayil.