Gibin naira 30,000 da ke cin tarar naira 5,000

A duk watan da albashi ya yi jinkirin kwana biyu ko uku, ma'aikata da dama a Abuja sukan tarar da asusunsu ya rame tun kafin su taɓa shi. Abin da ya cinye kuɗin sau da yawa cajin banki ne da mai asusun bai shirya masa ba.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya ba banki izinin cire naira 50,000 a ranar 28 ga kowane wata domin biyan wani kaso na bashin kaya. Ranar ta zo, albashi bai shigo ba, kuma naira 20,000 ce kawai a asusun. Gibin naira 30,000 ke nan.

Idan bankin ya ƙi biya, jadawalin caji da Babban Bankin Najeriya ya fitar na shekarar 2020 ya ba shi damar karɓar kashi 1 cikin 100 na kuɗin, ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. A nan naira 5,000 za a cire, wato kashi ɗaya bisa shida na gibin, alhali ainihin bashin na nan bai ragu ba.

Idan kuwa akwai yarjejeniyar obadiraf, wato izinin cirar kuɗi fiye da abin da ke asusu, bankin zai biya, sannan ya fara lissafa kuɗin ruwa kullum. Na 'yan kwanaki ba ya da yawa. Tsadar tana cikin maimaituwa, domin da zarar albashi ya sauka banki ke fara kwashe nasa. Sai wata ya soma da ragi, ma'aikaci ya sake faɗawa ramin kafin ƙarshensa. Wanda ya wuce wa'adin biya kuma, ana iya ɗora masa tarar kashi 1 cikin 100 a kowane wata.

Da ma'aikacin ya hango gibin, ya karɓi rancen naira 30,000 na wata ɗaya, a ce bisa ruwan kashi 4 cikin 100, da zai biya naira 1,200. Kuɗin gudanar da rance, wanda bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, naira 300 ne. Jimilla naira 1,500, ban da haraji, kuma tun ranar sa hannu ya san adadin.

Sai dai wannan riba tana da iyaka. Rance yana fin sauƙi ne idan bai zarce girman gibin ba, kuma aka biya shi a kan lokaci. Wanda ya karɓi naira 200,000 don toshe gibin 30,000 ya sayi wata matsalar.

Hanyar ganewa ita ce ma'aikaci ya nemi bayanin asusunsa na wata uku, ya tara duk abin da aka cire wanda ba shi ya kashe ba. Idan tarar ta faɗo a rana ɗaya kowane wata, mataki na farko shi ne neman a matsar da ranar cirar zuwa bayan shigowar albashi.