Kalmomin da Mai Saye Yake Rubutawa

Matashin da ya fara sayar da cajar waya a Jumia yakan sa wa hajarsa sunan da ke jikin kwali. Mai saye kuwa bai san wannan sunan ba, yana rubuta abin da ya zo bakinsa ne a akwatin bincike. Idan kalmomin ba su haɗu ba, hajar tana can ƙasa, ba mai ganin ta.

Maganin yana cikin akwatin kansa. Da zarar mutum ya rubuta "charger", shafin zai jero masa wasu kalmomi a ƙasa, waɗanda galibi aka tsamo daga abin da masu saye suka saba nema. Sai ya ƙara harafi guda a gaba, "charger t" ko "charger i", ya ga abin da zai fito, misali "type c" ko "iphone". Haka zai bi haruffa ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a littafi. Gara ya fita daga asusunsa tukuna, domin binciken da ya yi a baya yana iya cuɗanya da na jama'a.

Daga nan sai tacewa. Kalma ɗaya tilo tana jawo dubban kaya, sabon shiga ya nutse. Jimla mai kalmomi uku ko huɗu, irin su "type c fast charger", ta fi kai shi ga wanda ya riga ya san abin da yake so.

Wasu sukan cusa "iphone" a sunan cajar da ba ta shiga wayar, don kawai ana yawan neman kalmar. Ƙarshenta a dawo musu da kaya, a kuma bar musu tauraro ɗaya.